Jingina, mai lamuni da bashin amana: abin da mai ba da bashi yake dubawa

Mafi yawan masu neman rance a Maraɗi suna kallon jingina daga gefensu ne kawai: ga gidana, ga takardar filina, a ba ni kuɗi. Amsoshin da ke ƙasa daga ɗaya gefen teburin suke, gefen wanda zai fitar da kuɗin, ko banki ne, ko kes ta ƙananan rance, ko ɗan kasuwar da ke ba da kaya bashi. Dokar da ke tafiyar da jingina da lamuni a Nijar ita ce ta OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka. An kafa dokar a 1997, aka sake mata fasali a watan Disamba na 2010. Kuɗaɗen da ke cikin misalai na lissafi ne kawai.

Mene ne ainihin bambancin bashi mai jingina da marar jingina?

Muddin ana biya a kan wa'adi, babu wani bambanci. Bambancin yana fitowa ne ranar da wanda ake bi ya durƙushe, masu bin sa kuma suka fi dukiyarsa yawa. Ranar nan tambaya ɗaya ce: wa za a fara biya?

A ce wani ɗan kasuwa mai sarin kayan masarufi ya karye. Banki na bin sa miliyon 6, kuma an rubuta wa bankin jingina a kan gidansa da ke unguwar Zariya. Wanda ke ba shi shinkafa bashi yana bin sa miliyon 2, wani abokinsa kuma miliyon 1. Dukansu biyu suna da hukuncin kotu a hannu, amma babu mai jingina a cikinsu. Aka yi gwanjon gidan ya tashi miliyon 8. Abin da za a fara cirewa shi ne kuɗin shari'ar da aka kashe wajen sayarwar, a ce jika 500. Da a ce akwai ma'aikatansa masu bin albashi, da an cire musu wani kaso kafin a zo kan banki, amma mu ɗauka babu, babu kuma bashin haraji. Banki ya kwashe miliyon 6 ɗinsa cif. Saura miliyon ɗaya da rabi, ga bashin miliyon 3 na jira. Sai a raba gwargwadon abin da kowa ke bi: mai shinkafa ya samu miliyon 1, aboki ya samu jika 500. Kowannensu ya yi asarar rabi.

Ba a duba wanda ya riga ba da bashin. Ko da abokin nan ya ba shi kuɗin shekara uku kafin banki ya san da shi, a baya zai tsaya. Jingina tana ba mai ita abu biyu: a biya shi kafin sauran, kuma ya iya bin gidan ko an sayar wa wani. Mai bashin amana ba shi da ko ɗaya.

Ina da jingina mai daraja, amma an ƙi ba ni. Me ya sa?

Saboda mai ba da bashi ba gida yake so ba, kuɗinsa yake so. Tambayarsa ta farko ita ce daga ina za a riƙa biyan sa kowane wata. Zai so ya ga cinikin shago, yawan kayan da ke shiga da fita, basukan da ke kanka, da yadda ka biya na baya. Wannan na ƙarshe ba ya ɓoyuwa kamar da, tunda bankuna da manyan kes-kes na UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, suna kai bayanan masu cin bashi wata ma'ajiya guda, kuma suna leƙawa kafin su yanke shawara.

In lissafi ya nuna cinikinka ba zai ɗauki biyan ba, to ba ka bashin na nufin ya shirya ƙwace maka gida tun ranar farko. Wannan hanya ce mai tsawo da tsada, ga baƙin jini a gari. Ma'aikacin rance na kirki yana ƙin irin wannan takarda ko da gidan ya ninka bashin sau uku, kuma a ganina gata ya yi maka.

Gidana ya kai miliyon 12. Don me za a ce miliyon 6 ko 7 kawai za a iya ba ni?

Miliyon 12 farashin mai sayarwa cikin natsuwa ne, wanda zai iya jira shekara har ya samu mai so. Mai ba da bashi yana lissafi da farashin dole. Kafin a kai ga gwanjo sai an sami takardar da ke ba da ikon zartarwa, wisiye, mai isar da takardun kotu, ya kai gargaɗi, a yi sanarwa, a saurari ƙorafin mai gida, kuma kowane mataki da kuɗinsa. Ana cikin haka kuɗin ruwa na taruwa, gidan da mai shi ya san zai rabu da shi kuma ba ya ganin gyara.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a kowace takarda ba. A gari irin Maraɗi mutane sun san gidan wane ne. Masu kuɗin saye da yawa ba sa son a ce su ne suka sayi gidan Alhaji wane a gwanjo alhali iyalinsa na ciki. Masu taya kaɗan, farashi ƙasa. Shi ya sa shago ko mangaza a bakin hanya ya fi gidan zama daraja a idon banki, ko da ƙimarsu ɗaya a takarda.

Sannan abin da ya karya mai bashi yakan karya jinginarsa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023, ba mutum ɗaya abin ya taɓa ba, duk masu harka ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ne. Mangazar da aka jinginar a irin wannan lokaci, waɗanda za su iya sayen ta su ma suna cikin matsin. Ratar da ke tsakanin ƙimar gida da abin da aka ba ka, ita ce ke shanye duk wannan.

Wace takardar fili ce ake karɓa?

A doka, jinginar gida ko fili tana hawa ne a kan wanda aka yi wa rajista a littafin filaye na ƙasa, wato mai titir fonsiye. A kan wannan rajista ake rubuta sunan mai bin bashi da adadin kuɗin, kuma ranar da aka rubuta ita ce ke ba shi matsayinsa. In bankuna biyu suka rubuta a kan gida ɗaya, wanda ya riga rubutawa shi ne gaba.

Takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka filaye ba ta kai wannan matsayi ba, haka ma takardar shaidar mallakar gona ta gado da hukumomin filaye na karkara ke bayarwa. Suna nuna cewa wurin naka ne, amma ba a iya rubuta cikakkiyar jingina a kansu. Abin da banki kan yi shi ne ya nemi a fara mayar da takardar titir, a je wurin noter, mai tabbatar da yarjejeniya a hukumance, a sa hannu, kuɗin duk wannan kuma a wuyan mai neman bashi. Gidan gado da ba a raba ba ya fi kowanne wahala, domin magaji ɗaya ba zai jinginar da rabon ƴan uwansa ba sai da yardarsu a rubuce.

Ni ɗan kasuwa ne, na ba mutum bashi ya kawo mini takardar filinsa na ajiye. Ina da jingina ke nan?

Alhaji, takarda kake da ita. Tana da amfani, domin tana wahalar masa da sayarwa, kuma yawancin mutane sukan biya don su karɓi takardarsu. Amma riƙe ta bai sa ka gaban kowa ba ranar rabo. Wanda ba ya tsoron Allah zai iya cewa ta ɓata ya nemi wata. Kai kuma ba ka da ikon sayar da filin don takardar na cikin akwatinka. In kuɗin suna da yawa, a je wurin noter a yi abin yadda ya kamata. In ba su kai a yi wannan ɗawainiya ba, to ka san a ranka bashin amana ka bayar, ka auna adadin da wannan ido.

Babur, zinare ko dabbobi fa?

Zinare ya fi duka sauƙi: ana auna shi, ana ajiye shi, ba ya ci ba ya sha, kuma mai saye ba ya wuyar samu. Babur da mota suna hannun mai su suna aiki, darajarsu na raguwa kullum, kuma iyaka ba ta da nisa. Riƙe kartagiris ba ya hana babur tafiya. Doka ta yarda a jinginar da kaya suna hannun mai su, da sharaɗin a rubuta yarjejeniya a kuma yi mata rajista a RCCM, rajistar kasuwanci da ke kotu, don sauran masu bin bashi su sani. Dabba kuwa tana mutuwa, ana sace ta, ana sauya ta da ramammiya. Mai hankali yana lissafa garke a matsayin alamar ƙarfin mutum, ba abin da zai kama ba.

Yaya jinginar amfanin gona take, wadda ake kira warantaji?

Wannan ita ce jinginar da ta fi dacewa da ƙasarmu, kuma ta bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990. Da kaka, lokacin da farashi yake ƙasa, ƙungiyar manoma tana zuba hatsi, wake, gyaɗa ko aya a mangaza. Ana sa wa ƙofa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun kes, don kada wani ya buɗe shi kaɗai. Kes ta ba da bashin wani kaso na ƙimar kayan, a biya bayan wata biyar ko shida, lokacin da farashi kan tashi.

Ga lissafin yadda kes take yin sa. Buhu 100 na wake, kowanne jika 20 a ranar ajiya, ƙima miliyon 2. Ta ba da kashi 70 cikin 100, wato sefa 1,400,000. In kuɗin ruwa kashi ɗaya da rabi ne a wata, wata shida zai tara 126,000, abin biya ya zama 1,526,000. Raba wannan da buhu 100, ka samu 15,260. Ma'ana ko farashin buhu ya faɗi daga jika 20 zuwa kusan jika 15, kes ba ta yi asara ba. To amma a ce ƙwari sun cinye buhu 10. Yanzu sai buhu ya kai kusan jika 17 kafin ta tsira. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na kariyarta ya tafi ba tare da kasuwa ta motsa ba.

Shi ya sa ma'aikacin kes ba ya tsayawa a ƙidayar buhu daga bakin ƙofa. Yana sa a sauko da na ƙasan tari, ya soka hannu, ya duba ko waken ya bushe, ko akwai ƙananan ramuka a jikin ƙwaya da gari a gindin buhu. Yana duba ko an ɗora buhunan a kan katako, ko rufi na yoyo, ko an zuba waken a buhu mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari da rashin iska. Hatsi ya fi wake haƙurin ajiya. Haɗarin da ba a iya dubawa da hannu shi ne shekarar da farashi ya ƙi tashi, misali in an hana fitar da amfanin gona waje ko an zuba hatsi mai rahusa a kasuwa. A irin wannan shekara manomi ne ke fara jin jiki, domin kaso 30 ɗin da aka riƙe nasa ne.

Mai lamuni kuma, me yake ƙara wa mai ba da bashi?

Jingina abu ce, lamuni mutum ne. Mai lamuni ya ƙara aljihu na biyu da za a iya bi, amma bai ba da wani matsayi a rabo ba. In shi ma ya karye, mai bin bashi zai tsaya tare da sauran masu bin sa, sai fa in ya haɗa da jinginar wata kadara tasa. Saboda haka ana bincikar mai lamuni kamar yadda ake bincikar mai cin bashin.

Abin da aka fi so shi ne wanda abincinsa bai fito daga tukunya ɗaya da na mai bashi ba. Ɗan sarin aya da ya tsaya wa ɗan sarin aya bai ƙara komai ba, shekarar da ta kayar da ɗaya za ta kayar da ɗayan. Ma'aikaci mai albashi da ya tsaya wa ɗan kasuwa, wannan lamuni ne. Akwai kuma amfanin da ya wuce kuɗi: mutum yakan iya ɓoye wa banki fuska, amma da wuya ya bari a je a buga wa kawunsa ko maigidansa na kasuwa ƙofa. Kuma in duk danginsa da abokan sana'arsa aka rasa mai tsaya masa, wannan ma labari ne da mai ba da bashi ya kamata ya saurara.

In mutum ya ce «ku ba shi, na san shi», ya zama mai lamuni?

A'a. Lamuni ba a ɗaukar sa da zato. Sai an rubuta, mai lamuni ya sa hannu, kuma ya rubuta da hannunsa iyakar kuɗin da ya tsaya wa, da haruffa da kuma lambobi. In biyun suka saɓa, na haruffa ake bi. Wanda bai iya rubutu ba sai an kawo shaidu biyu da za su tabbatar da cewa shi ne, yana wurin, kuma an bayyana masa abin da yake ɗaukar wa kansa. Dangwala yatsa kawai a ƙasan takardar Faransanci, ba shaidu, ita ce irin takardar da ke rushewa a kotu.

Sai an gaji da bin mai bashi ne kafin a juya kan mai lamuni?

Nan ne mutane da yawa suke mamaki. A dokar OHADA, in takarda ba ta faɗi akasin haka ba, mai lamuni da mai bashi a haɗe suke. Da zarar an aika wa mai bashi gargaɗin biya a hukumance bai biya ba, ana iya neman kuɗin duka a wurin mai lamuni, ba sai an fara sayar da kayan mai bashin ba. Bayan ya biya, shi ne zai koma bin wanda ya tsaya wa, kuma ya gaji duk wata jingina da mai ba da bashin yake riƙe da ita.

Amma mai ba da bashi ma da nasa nauyin, kuma a nan ne sakaci ke cin kuɗi. Dole ya sanar da mai lamuni cikin wata ɗaya bayan gargaɗin da bai yi amfani ba. In ya yi shiru, ba zai caje shi tarar jinkiri da ta taru kafin ya sani ba. In ya ƙara wa mai bashi wa'adi, sai ya sanar da mai lamuni. In kuma ya saki jinginar da yake riƙe da ita, ko ya bar ta ta lalace da gangancinsa, mai lamuni zai iya cewa an toshe masa hanyar dawo da kuɗinsa, a sauke masa nauyi gwargwadon haka. Rasuwar mai lamuni ba ta share komai ba, magada suna ɗaukar bashin da ya riga ya hau kafin rasuwar, ban da wanda aka ci bayanta.

To me ke sa a ba da bashi babu jingina ko kaɗan?

Domin wani lokaci akwai abin da ya fi jingina riƙo. Ma'aikacin da albashinsa ke sauka a banki, ana cire biyan tun kuɗin ba su kai hannunsa ba, galibi abin da bai wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin ba. Haɗarin banki a nan shi ne kora, ko jinkirin albashi. Mai ba da kaya bashi a kasuwa kuma makaminsa shi ne kaya na gaba: wanda bai kawo kuɗin jiya ba, ba zai ɗauki na yau ba.

Sai ƙungiyoyin mata. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, yana tafiya ne ba titir ba noter. Kuɗin na matan ne da kansu, ana zubi ana rance a gaban kowa, wadda ta ƙi biya kuma maƙwabtanta ta cuta. Kes-kes sun ɗauki wannan dabara suna ba ƙungiya bashi kowa ya tsaya wa kowa. Tana aiki sosai in mace ɗaya ce ta sami matsala. In damina ta ƙi, duka ƙungiyar ke rasawa tare, lamunin juna kuma ya zama babu.

Shi ya sa marar jingina ya fi tsada?

Shi ya sa. A ce kes ta ba mutum 100 jika 100 kowanne na shekara, a kan kashi 20 cikin 100. Duk wanda ya biya ya kawo jika 20. Wanda ya gudu da uwar kuɗi ya tafi da jika 100, wato ya cinye abin da mutum biyar suka kawo. Da akwai jinginar da za ta dawo da jika 70, da abin da ya cinye bai kai na mutum biyu ba. Kuma mai ba da bashi ba zai yi ta ƙara kuɗin ruwa yadda ya ga dama ba, domin akwai iyaka a yankin UEMOA. A 2014 an tsayar da ita kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga kes-kes. Tunda farashi na da rufi, abin da ya rage masa shi ne ya rage adadi, ya gajarta wa'adi, ya fara da kaɗan ya ƙara wa wanda ya biya.

In an kasa biya na, zan iya riƙe jinginar ta zama tawa?

Ba kai tsaye ba. Asali shi ne a sayar ta hanyar da doka ta shimfiɗa, ka ɗauki abin da kake bi, ka mayar da ragowar. Gyaran 2010 ya buɗe ƙofar a yi sharaɗi tun farko cewa kadarar za ta koma hannun mai bin bashi, amma ga gini sai in mai shi kamfani ne ko ɗan kasuwa mai rajista, kuma ginin ba na zama ba ne. Ko a nan sai ƙwararre ya yi ƙima, in ta fi bashin ka biya bambancin.

Fiƙihu ma a nan ya tsaya. Jingina halal ce, ayar da ke bin ayar bashi a Suratul Baƙara ta ambace ta, kuma a mazhabar Malikiyya ba ta ƙarfi a kan sauran masu bin bashi sai an karɓe ta a hannu. Amma tana nan mallakar mai ita. Jinginar gona irin ta ƙauye, inda mai kuɗi yake noma gonar shekara da shekaru yana kwashe amfani bashin kuma bai ragu da ko dala ba, malamai da yawa suna ganin ta bashi ne da ya jawo amfani, wato riba.

Bayan an gama biya, jinginar tana sauka da kanta?

Bashin ya mutu, amma rubutun da ke kan titir ko a RCCM yana nan sai an goge shi. Mai ba da bashi zai ba da takardar saki, a kai ta inda aka yi rajistar a soke, a mayar wa mai kadara takardunsa na asali. Mai lamuni shi ma ya nemi tasa shaidar a rubuce, musamman in abin da ya sa wa hannu lamunin duk basukan mutum ne har zuwa wani adadi, domin irin wannan yana ci gaba da hawa kan sabon bashi muddin bai janye shi ba.